Ƙwayar tazarar haihuwa da maganin farfaɗiya: wanne ne ke rage ƙarfin wani?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan lamarin ƙanwata. Shekarunta 27, tana fama da farfaɗiya tun tana budurwa, kuma karbamazefin take sha, miligiram 200 da safe, 200 da dare, wanda da shi ne ciwon ya lafa. Wata 10 ke nan da aka yi mata aiki aka ciro jariri, likita ya ce ta huta aƙalla shekara 2 kafin ta sake ɗaukar ciki. Wata 3 da suka wuce ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa ta kullum, kuma ba ta tsallake ko kwana ɗaya, amma sai ga jini yana ɗiso mata a tsakiyar kati. Mai kemis ɗin unguwarsu ya ce amoksisilin ɗin da ta sha saboda ciwon haƙori ne ya karya ƙarfin ƙwayar, ya ce da ta gama shi komai zai daidaita. Mako 3 ke nan da gamawa, jinin bai daina ba. Shin maganarsa daidai ce?

Nasiru Ɗanborno: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni ma sana'ar kemis nake yi, kuma abin da ya faɗa shi ne abin da muka taso muka tarar, cewa duk maganin kashe ƙwayoyin cuta yana rage wa ƙwayar tazarar haihuwa ƙarfi, domin yana kashe ƙwayoyin hanji masu taimaka wa jiki ya sake tsotse sinadarin. Ko takardar da ke cikin kwalin wasu ƙwayoyin tana ɗauke da wannan gargaɗi. Ta ƙara haƙuri, ta yi amfani da kwaroron roba na kwana 7, in sha Allahu jinin zai tsaya.

Sagir Malumfashi: Malam Nasiru, ka yi mini izini in saɓa maka, domin harhaɗa magunguna ne aikina a asibiti, kuma wannan tambaya tana zuwar mini kusan kowane mako. Maganar ƙwayoyin hanji tsohon zato ne da aka daɗe ana koyarwa, amma da aka auna jinin mata masu shan ƙwayar tare da irin su amfisilin, doksisaikilin da sifirofuloksasin, ba a ga sinadarin ya ragu yadda zai sa ƙwai ya fita ba. Saboda haka ne ƙungiyar ƙwararrun lafiyar haihuwa ta Birtaniya ta sauya shawararta a 2011, ta ce ba a buƙatar ƙarin kariya don irin waɗannan magunguna, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ma a kan haka take.

Abin da ya kamata mu duba a tambayar Maman Hanifa yana cikin farkonta, wato karbamazefin. Hanta ce ke narkar da sinadaran da ke cikin ƙwayar tazarar haihuwa, kuma an auna yawan ƙwayar ne daidai da saurin aikin hantar mace wadda ba ta shan komai, yadda abin da ta sha yau da dare zai kai ta gobe da dare. Karbamazefin yana sa hanta ta ƙera ƙarin abin narkarwar nan, kamar mai injin niƙa da ya ƙaro injuna, buhun da a da yake wuni yana niƙawa yanzu kafin azahar ya gama. Ƙwayar da aka fi rabawa a asibitocinmu tana ɗauke da maikurogiram 30 na istirojin da 150 na lebonojestirel, to idan hanta ta cinye kusan rabinsu kafin su yi aiki, abin da ya rage ba lallai ne ya hana ƙwai fita ba. Ƙanwarki tana shan ƙwayar yadda ya kamata, amma ba duk abin da take sha ne yake zama a jininta ba, kuma hakan zai ci gaba muddin tana kan karbamazefin, ko ta sha amoksisilin ko ba ta sha ba.

Ummu Sudais: To ai in haka ne sai ta ajiye maganin farfaɗiyar na ɗan lokaci, tunda an ce ciwon ya lafa. Dama yawan shan magungunan Bature yana lalata hanta, ga shi Malam Sagir ma ya tabbatar. Akwai masu maganin gargajiya da suke warkar da farfaɗiya gaba ɗaya.

Dakta Rabi: 'Yar'uwa Ummu Sudais, don Allah kada kowa ya ɗauki wannan shawara. Malam Sagir bai ce hantar ta lalace ba, cewa ya yi aikinta ya ƙara sauri. Lafawar ciwon kuwa saboda maganin ne, kuma mai farfaɗiya da ta yanke magani kwatsam tana iya faɗawa cikin jijjiga mai tsawo wadda ba ta yankewa, irin wadda ke kai mutum ɗakin gaggawa ko ta yi ajalinsa. Ki tuna wannan mace tana goyon jaririn wata 10, tana girki a bakin wuta, tana yi masa wanka. Hanyar tazarar ce za a sauya, maganin farfaɗiyar ya zauna a inda yake.

Akwai dalili na biyu da ya sa cikin da ba a shirya ba ya fi nauyi a kanta fiye da sauran mata. Ban da ɗinkin mahaifa da bai daɗe ba, wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin haihuwar jariri da tawaya, musamman a ƙashin baya, kuma wannan sashe yana haɗuwa ne a cikin makonni 4 na farko bayan shigar ciki, lokacin da yawancin mata ba su ma san suna da shi ba. Shi ya sa muke so mace mai shan irin waɗannan magunguna ta fara folik asid tun kafin ciki, kuma yawanci miligiram 5 a rana ake rubuta mata, wanda ya ninka na sauran mata sau da yawa.

Maman Hanifa: Na gode, Dakta. Yanzu hankalina ya tashi. Kenan jinin nan alama ce ta cewa ƙwayar ba ta aiki? Kuma me za ta yi daga yau?

Sista Ladidi: Ki kwantar da hankalinki, Maman Hanifa. Ni ungozoma ce, a sashen tazarar haihuwa nake. Game da jinin, ba hujja ce tsayayya ba, domin mata da yawa da ba sa shan kowane magani suna ganin ɗigon jini a wata 3 na farko da fara ƙwaya, jiki ne yake sabawa. Haka nan akwai wadda ƙwayar ta yi mata rauni amma ba ta ga ko ɗigo ba, sai dai ta ga al'ada ta ɗauke. Saboda haka ba jinin muke jira ya gaya mana ba, sunan maganin da take sha ya wadatar.

Da a gabana take, da farko zan ce daga daren yau ta ɗauka ba ta da cikakkiyar kariya, su yi amfani da kwaroron roba ko su ɗan dakata har ta zo asibiti, kuma ta zo cikin makon nan da kwalayen magungunanta duka a leda. Zan yi mata gwajin ciki na fitsari, amma zan gaya mata cewa gwajin ba ya ganin cikin da bai kai mako 3 da shiga ba, don haka za mu maimaita shi bayan mako 3 daga saduwa ta ƙarshe da ba a sa kwaroro ba. Sannan mu zauna ta zaɓi ɗaya daga hanyoyin da saurin hanta ba ya karya su. Akwai allurar wata 3, wato Defo ko ƙaramar nan ta ƙarƙashin fata da ake kira Sayana Fires, wadda za ta riƙa karɓa duk mako 13 ba tare da an matso da lokacin ba, sai ta ƙara da kwaroro a kwana 7 na farko. Akwai robar mahaifa ta jan ƙarfe, wadda ba ta ɗauke da sinadarin da hanta za ta narkar, tana kuma kai shekara 10, sai robar mahaifa mai sinadari, wadda aikinta a cikin mahaifar yake, amma ita ba a kowane asibiti ake samunta ba. Robar kam ba zan saka ba sai na tabbata babu ciki.

Kowace tana da nata. Allurar takan rikita al'ada ko ta ɗauke ta, kuma bayan an daina, ciki yakan yi jinkirin zuwa na wasu watanni, wani lokaci har shekara. Robar jan ƙarfe takan ƙara yawan jini da ciwon mara a watannin farko, abin lura ga mace mai ƙarancin jini. Ga wadda take son hutun shekara 2 kuma tana da niyyar sake haihuwa, ni na fi karkata ga robar, domin ranar da aka cire ta haihuwa ta dawo, amma zaɓin nata ne da maigidanta.

Hadiza Maraɗi: Sista, ban ga kin ambaci ashanar hannu ba. A nan wajenmu ita ce mata suka fi so, kuma kullum ana cewa ta fi kowace hanya ƙarfi. Me zai hana a saka mata ita ta huta da shan ƙwaya?

Sista Ladidi: Da gangan na bar ta, Hadiza. Gaskiya ne ga mace wadda ba ta shan irin waɗannan magunguna ashana tana cikin hanyoyin da suka fi tabbas, amma ita kaɗan-kaɗan take sakin sinadari cikin jini, kuma ta hantar nan yake bi, sai a narkar da shi da wuri. An samu mata da suka ɗauki ciki da ashana a dantse suna shan karbamazefin ko rifamfisin na tarin fuka, haka ma masu shan efabirenz, maganin cuta mai karya garkuwar jiki da aka fi bayarwa kafin a koma dolutegirabir. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana saka ta ba, tana ganin amfaninta ya rinjayi haɗarin idan an ƙara da kwaroro, amma ƙwararrun Birtaniya sun ce a zaɓi wata hanya. Ni idan akwai allura ko roba a ɗakina, ba zan saka wa mai karbamazefin ashana ba. Ƙaramar ƙwayar masu shayarwa ma haka take, ita ta fi saurin karyewa.

Bilkisu A.: Ni abin ya faru da ni, shi ya sa na kasa yin shiru. An same ni da tarin fuka, aka ɗora ni a kan maganin wata 6, wata 2 na farko haɗin magani 4, sauran wata 4 haɗin 2. An gaya mini fitsarina zai koma ja, kada in tsorata, an gaya mini in sha da safe kafin in karya, an auna nauyina, amma babu wanda ya tambaye ni ko ina shan ƙwayar tazara, ni kuma ban ga alaƙar tari da wannan ba balle in faɗa. Katina yana cikin jakar hannuna a duk ranar da na je karɓar magani. A wata na 4 al'ada ta ɗauke, na zaci wahalar ciwo ce, har sai da laulayi ya bayyana. Yarona na goye bai cika shekara ba a lokacin, ni kuma ƙashi da fata. Allah ya sauke ni lafiya, amma na sha wuyar da tambaya guda ɗaya za ta iya kare ni daga gare ta.

Sagir Malumfashi: Sannu, Malama Bilkisu, Allah ya ƙara lafiya. Maganin da ya mayar da fitsarinki ja shi ne rifamfisin, yana cikin haɗin tun daga ranar farko har ta ƙarshe, kuma a cikin duk magungunan da ke hanzarta hanta yana sahun gaba, yakan rage istirojin ɗin ƙwaya da fiye da rabi. Tun farkon shekarun 1970 likitoci a Jamus suka fara ba da rahoton zubar jini da ciki ga mata masu tarin fuka da ke shan ƙwaya. Shi da danginsa, rifabutin da rifafentin, su ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka tabbatar suna wannan aiki, kuma ina ganin daga nan ne tsoron ya bazu ya shafi sauran da ba su da laifi.

Wani abin da ake mantawa shi ne lokaci. Hanta ba ta hanzarta a rana ɗaya, takan fara cikin 'yan kwanaki ta kai ƙarshen saurinta a mako 2 zuwa 3, haka kuma ba ta komawa daidai ranar da aka sha ƙwayar ƙarshe. Saboda haka ƙa'idar ita ce a ci gaba da ɗaukar ƙwayar tazara a matsayin mai rauni har kwana 28 bayan gama maganin. Mace da ta gama maganin tari ranar 1 ga wata ta koma dogaro da ƙwaya ranar 2, tana cikin haɗari a wannan watan.

Nasiru Ɗanborno: Na ji bayanin rifamfisin kuma na yarda da shi. Amma ni da idona na ga matan da suka sha kafso na kwana 5 kuma suka yi ciki suna kan ƙwaya. Ba zan iya cewa duk ƙarya suke yi ba. Kuma idan hanta ce ke cinye rabi, me zai hana mai farfaɗiyar ta riƙa shan ƙwaya 2 a rana?

Dakta Rabi: Ba ƙarya suke yi ba, Malam Nasiru, amma ka duba halin da mace take ciki a makon da take shan kafso. Ba ta da lafiya, wataƙila tana amai ko gudawa, wataƙila zazzaɓi ya sa ta yi barci ba ta sha ƙwayar ba. Wadda ta yi amai cikin awa 2 da shan ƙwaya kamar ba ta sha ba ce, sai ta sake shan wata, kuma idan amai ko gudawa mai tsanani ya wuce kwana 2, sai ta bi ƙa'idar wadda ta tsallake ƙwayoyi, ta ci gaba da sha ta ƙara da kwaroro har ta samu kwana 7 a jere lafiya. Ban da haka, ko babu wani magani, a cikin mata 100 masu shan ƙwaya yadda aka saba sha, kimanin 7 suna ɗaukar ciki a shekara, don haka dole a samu waɗanda cikinsu ya faɗo daidai da makon kafso. Zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya. A 2020 wasu masu bincike 2 a Birtaniya sun duba rahotannin illar magunguna da ake aika wa hukuma, suka ga an fi kawo rahoton ciki tare da magungunan kashe ƙwayoyin cuta fiye da sauran magunguna. Irin wannan rahoto ba ya tabbatar da dalili, kuma jagororin ba su sauya ba, amma wadda ta ce za ta ƙara kwaroro a makon don kwanciyar hankalinta, ban ga laifinta ba.

Batun ƙwaya 2 kuwa, akwai shi a aikace, amma ba a kan teburin kemis ba. Likita yana iya haɗa wa mace ƙwayoyi su kai maikurogiram 50 na istirojin, ta sha kati 3 a jere ta taƙaita hutun zuwa kwana 4, idan ta ƙi duk sauran hanyoyi. Ko da haka tabbacinsa bai kai na allura ko roba ba, kuma da rifamfisin ba a yin sa sam, domin ƙarin ba ya isa.

Zainab Ƙaura: Dakta, ni lamotirijin nake sha, kuma ina kan ƙwayar tazara. Nawa ma yana cikin masu karya ta ne?

Dakta Rabi: Naki juyin wancan ne, Malama Zainab. Istirojin ɗin da ke cikin ƙwayar ne yake rage lamotirijin a jininki, har kusan rabi, wanda zai iya sa farfaɗiya ta dawo. A makon hutu kuma, lokacin da kike shan ƙwayoyin ƙarshen kati marasa sinadari, lamotirijin ɗin yakan hau, wasu su ji jiri ko su riƙa ganin abu biyu-biyu. Kada ki fara ko ki daina ƙwayar ba tare da likitan da ke rubuta miki lamotirijin ya sani ba, domin idan ya riga ya ƙara miki shi saboda ƙwayar, ranar da kika daina ta zai yi miki yawa. A cikin sauran magungunan farfaɗiya, lebetirasetam ba ya taɓa ƙwayar. Balfurowet ma ba ya rage mata ƙarfi, amma shi ne mafi haɗari ga ɗan tayi, kimanin jarirai 10 cikin 100 da aka yi cikinsu a kansa ana haifarsu da tawaya, don haka babu wanda zai mayar da ƙanwar Maman Hanifa kansa don kawai ta ci gaba da ƙwaya.

Hadiza Maraɗi: Malam Sagir, ka rubuta mana sunayen yadda za mu gan su a kwali ko mu nema a waya.

Sagir Malumfashi: Masu hanzarta hanta a magungunan farfaɗiya su ne `carbamazepine`, `phenobarbital` ko `phenobarbitone`, `phenytoin`, `primidone`, `oxcarbazepine`, sai `topiramate`, musamman idan ya kai miligiram 200 a rana. Na tarin fuka su ne `rifampicin`, `rifabutin` da `rifapentine`. A wajenku, Malama Hadiza, rubutun Faransanci ne, amma bambancin bai wuce harafi ɗaya ko biyu ba. A lura cewa ana ba da karbamazefin don ciwon jijiyar fuska da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, tofiramet kuma don ciwon ɓarin kai, saboda haka mace tana iya shan su alhali ba ta taɓa yin farfaɗiya ba.

Maman Hanifa: Na kira ƙanwar tawa na karanta mata. Ta ce sun sadu shekaranjiya, kuma tana tambaya ko ta sayi ƙwayar gaggawa ta Fostino ta sha.

Sista Ladidi: Fostino ma lebonojestirel ne, hantar nan za ta bi da shi yadda take bi da ƙwayar kullum. Ga wadda ta sha mai hanzarta hanta a cikin mako 4 da suka wuce, abin da ya fi tabbas shi ne a saka robar jan ƙarfe cikin kwana 5 da saduwar, ta zama ta gaggawa kuma ta zauna a matsayin hanyarta. Idan hakan bai yiwu ba, ana ninka lebonojestirel daga miligiram 1.5 zuwa 3 a sha lokaci ɗaya, cikin kwana 3, duk da cewa babu cikakken tabbacin ninkin ya maye gurbin abin da hanta ta cinye. Ɗaya ƙwayar gaggawar, ulifiristal, ba a ba irinta. Matsalar a nan ita ce ba shekaranjiya ce kaɗai saduwar da aka yi a kan ƙwaya mai rauni ba, don haka wanda zai saka robar dole ya duba ranar al'adarta ta ƙarshe da sakamakon gwaji kafin ya yanke hukunci. Ta je gobe da sassafe, kada ta jira ranar asibitin farfaɗiya.

Dakta Rabi: Na yarda da Sista. Inda muka ɗan bambanta shi ne, idan gobe ba a iya tabbatar da cewa babu ciki ba, ni zan ba ta miligiram 3 ɗin tare da allurar a rana ɗaya, a maimaita gwaji bayan mako 3, domin ban amince kwaroro kaɗai zai riƙe su tsawon wannan lokaci ba.

Sista Ladidi: Hakan ma ana yi, Dakta, amma allura idan ta shiga ba a cire ta, kuma idan ta ɗauke mata al'ada ta ƙi dawowa gwaji na biyu, za mu iya rasa ganin ciki da wuri ga mace mai shan karbamazefin. Ni sai na ji daga bakinta cewa za ta dawo, na kuma ba ta folik asid ta tafi da shi tun goben. Maman Hanifa, ki ce ta taho da katin ƙwayar da take sha da kwalin karbamazefin ɗin, ta kuma tuna ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe.